Naira Ɗari da Ashirin da Biyar a Albashin Baffa

Baffa ne ya samo mini aikin, kuma ni na yi sanadin da aka raba shi da kujerarsa. Gara in faɗi wannan tun farko, don na san halina, in aka bar ni zan yi ta kewaye har a zaci laifin kwamfuta ne.

Ba ƙanin mahaifina ba ne na jini. Abokinsa ne tun suna makarantar allo a Gwandu, kuma tun da na buɗe ido Baffa nake ce masa. Shekara goma sha tara yana akawun albashi a wani kamfanin casar shinkafa da dillancin taki, wanda ofishinsa ke Gwandu, injinsa da rumbunsa suna Kalgo. Ma'aikata ɗari da talatin da takwas ne, kuma albashin kowa da hannu yake lissafa shi, da jan biro da shuɗi da wata 'yar kalkuleta da lambobinta suka goge. Kwana tara yake ɗauka kowane wata. Ba a taɓa jin wani ya dawo da ambulan ya ce kwabo ya yi ciwon kai ba.

Shekara huɗu ko biyar da aka ba mu jihar Kebbi, mai kamfanin ya sayo kwamfuta. Aka ajiye ta a ofis, aka lulluɓe da zanen atamfa, don babu wanda ya iya ta. Ni kuwa na dawo da takardar shaidar koyon kwamfuta ta wata tara, ina zaman banza a ƙofar gida, ina ji kamar garin ya yi mini kaɗan. Baffa ya kama hannuna ya kai ni gaban manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗana. Ya san wagga na'ura. In ya yi ɓarna, ni za a tambaya."

Aka ce in mayar da lissafin albashi cikin kwamfuta. Na buɗe shafin lissafi, irin mai gida-gida ɗin nan, kowane gida da harafinsa da lambarsa. Kowane ma'aikaci na ba shi layi guda. A gidan A sunansa, a B albashinsa na wata, a C rangwamen da doka ta yi masa na shekara, na kansa da na 'ya'yansa. A D sai na ce a ninka B sau goma sha biyu a cire C, abin da ya rage shi ne kuɗin da haraji ke hawa kansa. Can gefe, daga H2 zuwa I7, na jera matakan haraji daga ƙarami zuwa babba, kamar yadda na kwafo daga takardar ofishin haraji. Daga sifili, kashi biyar cikin ɗari. Daga dubu goma, kashi goma. Daga dubu ashirin, kashi goma sha biyar. Haka har mataki na shida.

Sai na rubuta fomular da nake taƙama da ita a gidan E2:

=D2*VLOOKUP(D2,$H$2:$I$7,2)/12

Abin da take yi ba wuya. Ta ɗauki kuɗin mutum na shekara, ta gangara jadawalin nan har ta tsaya a mataki na ƙarshe da bai fi kuɗinsa ba, ta ɗauko kason da ke gefensa, ta ninka, ta raba goma sha biyu. A gidan F a cire wannan daga albashi, abin da ya saura shi ke shiga ambulan. Alamun dalar nan su ke riƙe jadawalin wuri ɗaya, kada ya zame in an kwafi fomular zuwa ƙasa. Malaminmu ya sha ja mana kunne a kansu, kuma ban manta ko ɗaya ba. Na kwafa ta har layi na ƙarshe, lambobi suka cika shafin kafin in ɗauke hannu. Aikin kwana tara ya ƙare kafin shayin da ke gabana ya huce. Wallahi ranar ko sallamar masinja ban amsa da kyau ba.

Baffa ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ɗana, ita wagga aba, mataki-mataki take cire harajin, ko a dunƙule?"

Ban fahimci tambayar ba, kuma maimakon in ce ban fahimta ba, sai na yi dariya. Na ce, "Baffa, ai wannan ba aikin biro ba ne. Ita ta san matakin kowa."

Ya ce, "To, madalla." Ya miƙo mini wata takarda da ya tsaga daga littafi, mai layi uku na lambobi, ya ce in duba in na samu sarari. Na karɓa da hannu biyu saboda ladabi, na jefa ta a aljihun tebur.

Manaja ya ce watan farko a yi duka biyun, na hannu da na kwamfuta, a gwada. Mutum ne mai saurin fushi da saurin yanke hukunci, kuma shi ya matsa wa mai kamfani a sayi na'urar, don haka yana so ta yi abin a zo a gani. Da aka jera takardun a teburinsa, mutum casa'in da ɗaya lissafinsu ya zo daidai har kwabo. Leburori ne da masu gadi da masu ɗinkin buhu. Sauran arba'in da bakwai kuwa, harajin da Baffa ke cire musu bai kai na kwamfuta ba. Su ne direbobi da makanikai da magatakarda da shi manajan kansa. Sunan Baffa ma yana ciki. Shi yana cire wa kansa naira ɗari da saba'in da biyar a wata, kwamfuta ta ce ɗari uku. Tazarar naira ɗari da ashirin da biyar.

Manaja ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Malam, talakawa ka cire musu daidai, manya da kai kanka ka yi muku sauƙi. Shekara nawa ana haka?"

Ina tsaye a bakin taga. Baffa ya dube ni, kallo ɗaya, ba na fushi ba. Ya buɗe baki kamar zai yi bayani, sai ya rufe. A wajenmu babba ba ya kunyata ɗan da ya kawo da hannunsa a gaban baƙo, balle ɗan amininsa. Kara ce, kuma Baffa ya fi kowa ita. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu in zauna da yaron mu duba."

Manaja ya juyo ya tambaye ni, "Akwai abin dubawa?"

Na ce, "Yallaɓai, kwamfuta ba ta kuskure. Abin da ke cikin takardar haraji shi na sa mata."

Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa, a gaban mutumin da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni.

Da an aika ofishin haraji a tambaya, da magana ta mutu a ranar. Amma manaja ya ji tsoro. A ganinsa kamfani ya yi shekaru yana biyan gwamnati ƙasa da abin da ya kamata, in aka je tambaya an kai kai ke nan, za a ce a biya na baya har da tara. Sai ya zaɓi a rufe maganar a cikin gida. Ba a kori Baffa ba, saboda shekarunsa. An karɓe makullin ofishin albashi an ba ni, shi kuma aka tura shi Kalgo ya riƙa rubuta nauyin buhu a bakin sikeli. Mutum mai shekara kusan sittin, da iyali a Gwandu, ya koma kwana a ɗakin ma'aikata, sai ranar Juma'a ya biyo motar kamfani ya zo gida.

Magana kuwa ba ta rufu ba. Kafin mako ya zagayo, a majalisar ƙofar gidanmu ana cewa kwamfuta ta kama akawu. Bayan kwana biyu mahaifina ya kira ni ya ce, "Gaskiya ne abin da nike ji?" Na ce lissafi dai bai zo daidai ba. Ya ce, "Allah Ya rufa asiri." Daga nan zaman da suke yi da Baffa bayan sallar Juma'a ya fara gajarta.

Wata uku ina biyan albashi da fomulata. Mutum arba'in da bakwai suna gunaguni, ina ce musu da can ne aka saba musu da sauƙi. Sai wani direban tirela, mutumin Kambaza, ya shigo ofis da safe, ambulan biyu a hannunsa, na watan jiya da na wannan watan. An yi masa ƙarin naira ashirin da biyar saboda ya shekara bai yi haɗari ba. Ya ajiye su a gabana ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba. Amma an ce an ƙara mini, ga shi kuɗina sun ragu da kusan naira goma sha tara. In haka ƙari yake, a mayar mini da na da."

Na fara yi masa irin bayanin da na saba, na ji maganar ba ta zauna a bakina ba. Na ce ya dawo da azahar. Na duba layinsa. Da can kuɗin da haraji ke hawa kansa dubu tara da ɗari tara ne a shekara, kashi biyar, naira ɗari huɗu da casa'in da biyar. Ƙarin ya kai shi dubu goma da ɗari biyu, ya tsallaka mataki na biyu da naira ɗari biyu kacal, sai fomulata ta ɗora kashi goma a kan kuɗin gaba ɗaya, dubu ɗaya da ashirin. Na sake ɗauko takardar ofishin haraji na karanta a hankali, yadda ya kamata in karanta tun farko. Dubu goman farko, kashi biyar. Dubu goma na gaba, kashi goma. Na gaba, ba duka ba. Kowane mataki abin da ya faɗo cikinsa kawai yake ci. Harajin direban nan ɗari biyar ne na matakin farko, da naira ashirin na ɗari biyun da suka hau, ɗari biyar da ashirin. Fomulata tana ci masa ɗari biyar a shekara a banza.

Nan na gane dalilin da mutum casa'in da ɗaya suka zo daidai. Duk a matakin farko suke, inda dunƙule da mataki-mataki abu ɗaya ne. Na lissafa na Baffa da biro a bayan ambulan. Dubu ashirin da huɗu. Ɗari biyar, da dubu ɗaya, da kashi goma sha biyar na dubu huɗun da suka hau, ɗari shida. Dubu biyu da ɗari ɗaya a shekara. Raba goma sha biyu, ɗari da saba'in da biyar.

Na jawo aljihun tebur na tono takardar nan da Baffa ya ba ni a ƙarƙashin kwalin faifai. Layi uku ne. Farkon kowane mataki, kasonsa, da jimillar harajin matakan da ke ƙasa da shi: sifili, ɗari biyar, dubu da ɗari biyar, har ƙasa. Layi na ukun nan shi ne abin da babu a jadawalina. Ya ba ni shi tun ranar farko.

Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba. Na ƙara layin Baffa a gidajen J, na sake rubuta fomular:

=(VLOOKUP(D2,$H$2:$J$7,3)+(D2-VLOOKUP(D2,$H$2:$J$7,1))*VLOOKUP(D2,$H$2:$J$7,2))/12

Wato a ɗauko harajin matakan baya, a ƙara da kason matakin da mutum yake, amma a kan abin da ya haura farkon matakin kaɗai. Na kwafa zuwa ƙasa. Na ɗauko tsohon littafin Baffa na watan da aka yi gwaji, na sa albashin wancan watan na gwada. Ɗari da talatin da takwas, babu wanda ya saɓa ko da kwabo.

Ofishin manaja taku goma ne daga nawa. Na tashi, na kai bakin ƙofa, na ji yana yi wa wani faɗa a kan man janareto, na dawo na zauna. Na ce bari ya huce. Washegari ya tafi Birnin Kebbi. Ranar da ya dawo na shiga, kuma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yallaɓai, na sake nazarin takardar haraji, na gano hanyar da za a rage wa ma'aikata abin da ake cire musu, kuma bisa doka." Ya ga nasa harajin ya sauka, ya yi murmushi har kunne, ya ce shi ya sa yake son yaran zamani. Bai haɗa wannan da lambobin Baffa ba, don bai taɓa riƙe lamba a kansa ba. Ni kuma ban haɗa masa ba. Tsoro ne, ba wani abu ba. Tsoron a ce yaron kwamfuta bai iya karanta takarda ba, da tsoron fuskar mahaifina.

Ƙarshen wata na bi kashiya zuwa Kalgo biyan albashi. Da can nakan ƙirƙiri aiki in ƙi zuwa. Mun isa da hantsi, injin yana ta ruri, ƙaiƙayi ya rufe ko'ina. Na hango Baffa a kan benci a bakin sikeli, ya ɗaure hanci da ƙyalle, hularsa da gemunsa sun yi fari da dusa. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifina da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

Da aka miƙa masa ambulan ɗinsa ya duba 'yar takardar da ke ciki. Ya daɗe a kan layin haraji. Sannan ya ninke ta ya sa a aljihu ya ce, "Ɗari da saba'in da biyar. Ka gano shi ke nan."

Na ce, "Baffa, na gano. Takardarka ce." Na ce masa zan gaya wa manaja komai.

Bai ce in faɗa ba, bai ce kada in faɗa ba. Ya shiga ɗakinsu ya fito da littafin makaranta mai bango ja. A ciki ya jera sunayen mutanen da na cuta, wata uku, kowa da abin da aka cire masa fiye da ƙa'ida. Da yamma yake yi, bayan an rufe sikeli, yana bin su yana duba takardunsu, na Gwandu kuma ranar Juma'a. Ya ce, "Kuɗin sun riga sun tafi ofishin haraji, ba za su dawo ba. Amma lissafin haraji na shekara ne. Ka rage musu a watannin da sunka rage, kafin shekara ta ƙare kowa ya samu haƙƙinsa. Haƙƙin mutane shi ne abin tsoro, ɗana."

Na duba littafin a mota muna komawa. Suna arba'in da bakwai ne, har da direban Kambaza da ya shigo daga baya. Ya kamata su zama arba'in da takwas. Bai sa nasa ba.

Na yi yadda ya ce. Na ƙara gida ɗaya a shafin don ragin, na sa har da nasa, naira ɗari uku da saba'in da biyar na wata uku. Ma'aikata suka yi ta sa mini albarka. Direban nan ya kawo mini kwandon albasa har gida. Na karɓa, na ci.

Maganar manaja kuwa, na ce bayan an gama sayen shinkafar kaka. Da aka gama na ce bayan azumi. Kowace Juma'a ina ganin Baffa yana saukowa daga bayan motar kamfani da 'yar jakarsa, in gaishe shi, ya amsa da fara'a, bai taɓa tambayata ina aka kwana ba. Da ya tambaya ko sau ɗaya, ina jin da na yi. Na sha jin haushinsa a kan wannan shirun, ka ji rashin kunya irin tawa. Kafin shekara ta zagayo tari ya kama shi saboda ƙurar injin, ya ajiye aiki da kansa. Manajan ma daga baya ya bar kamfanin, ya tafi da abin da ya sani. Na ce wa kaina ai yanzu faɗar ba ta da amfani, kuma na ji daɗin samun wannan hujjar.

Amma akwai wanda faɗar za ta yi wa amfani, yana cikin gidanmu, ina cin tuwo da shi kullum. Mahaifina bai yanke zumunci da Baffa ba. Yana zuwa duba shi, yana aika masa da hatsi. Sai dai ya daina ba shi ajiya, kuma da aka zo rabon gadon wani ɗan'uwanmu a Maruda, wanda da can Baffa ne zai riƙe alƙalami, sai mahaifina ya kira wani. Baffa yana zaune a wurin, ya sa hannu a matsayin shaida.

Ya rasu shekara uku bayan haka, da damina. Muna dawowa daga maƙabarta ni da mahaifina, muna tafe a hankali saboda ƙafarsa, sai ya tsaya ya share ido da bakin rawani. Ya ce, "Mutumin kirki ne. Shekara hamsin ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin nan na ofis ne kawai ya tsaya mini a rai, amma na yafe masa, kai ma ka yafe masa."

Babu manaja a wurin, babu kowa, daga ni sai shi a kan hanya. Littafin nan mai jan bango yana cikin akwatina a ɗaki, tafiyar minti biyar.

Na ce, "To, Baba. Na yafe."